PR ɗin daftari a rahoton sa ido: a cire shi ko a ƙirga shi?

Tambaya: Malam, ni ke haɗa rahoton mako na ƙungiyarmu a kan GitHub: PR, wato buƙatar haɗa sabon kod cikin rumbu, nawa ne a buɗe, wanne ya daɗe ba a duba ba, wanne gwajinsa ya faɗi. Masu rubuta kod suna ƙorafin cewa ina saka waɗanda ke `Draft` a jerin masu jiran bita, alhali ba su nemi kowa ya duba ba. Shugabanmu kuma ya ce idan na cire su, aikin da aka yasar zai ɓuya. Me daftari yake nufi a zahiri, kuma yaya ya kamata rahoto ya ɗauke shi?

Amsa:

Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, sai dai kowanne agogo daban yake kallo. Masu rubuta kod suna maganar agogon masu bita, shugabanku yana maganar agogon aikin gaba ɗaya. Rahotonka agogo ɗaya gare shi, shi ya sa duk wanda ka bi sai ɗayan ya ji an zalunce shi.

Alamar daftari abu ɗaya kacal take faɗa da tabbaci: aikin yana hannun marubucinsa, bai miƙa wa kowa ba tukuna. Ba ta ce aikin bai yi kyau ba, ba ta ce ana kan yin sa ba, ba ta ma ce bai ƙare ba. Saboda haka daftari ba ya shiga duk wani lissafi da ke auna masu bita, amma yana shiga duk lissafin da ke auna aikin da aka fara ba a gama ba. Sauran bayanin duk a kan yadda za ka raba waɗannan biyun ne ba tare da alƙalumanka sun yi ƙarya ba.

GitHub ya kawo daftari a watan Fabrairun 2019. Kafin nan mutane suna rubuta `WIP`, ma'ana ana kan aiki, a farkon take, suna fatan kada wani ya danna maɓallin haɗewa bisa kuskure. Da ya zama fili na musamman, sai aka ɗaura masa abubuwa biyu. Ba za a iya haɗe PR ba muddin yana daftari, kuma waɗanda ke cikin fayil ɗin `CODEOWNERS`, wato masu alhakin kowane sashe na kod, ba a aika musu neman bita sai an danna `Ready for review`. A 2020 aka ƙara hanyar komawa baya, wato `Convert to draft`, kuma wannan ƙarin shi ne tushen yawancin kurakuran lissafi da za ka gani a ƙasa. Iyakar abin da na'urar ta tilasta ke nan. Kowa da ke da izinin ganin rumbun yana ganin daftari, yana iya yin sharhi a kansa, kuma gwaje-gwajen GitHub Actions suna gudana a kansa kamar kowane PR sai idan an hana su da gangan. Daftari ba sirri ba ne. Wanda ya tura kalmar sirri cikin daftari a rumbun da ke buɗe ga jama'a, ya riga ya tona ta.

A wajen API, daftari ba matsayi ne mai zaman kansa ba. Filin `state` yana nuna `open` ga daftari da wanda ya shirya, bambancin yana wani fili daban, `draft` a REST, `isDraft` a GraphQL da `gh`. Duk rahoton da ya tambayi `state=open` kawai, ya haɗa su wuri ɗaya ba tare da ya sani ba. Ina zaton abin da ya faru da naka ke nan. Raba su a tushe abu ne mai sauƙi:

```
gh pr list --state open --search "draft:false" --limit 200
gh pr list --state open --search "draft:true" --limit 200
```

Kada ka manta da `--limit`. Idan ba ka sa ba, 30 kawai zai kawo maka, ya yi shiru a kan sauran.

Wannan ya isa ga tambayar "me ke jira yau". Bai isa ga tambayar "awa nawa aka jira" ba, domin filin `draft` halin yanzu kawai yake faɗa, ba ya riƙe tarihi. Duk PR da aka haɗe za ka same shi da `draft: false`, ko da ya yi wata uku yana daftari, tunda ba a iya haɗe shi sai an cire alamar. Idan ka ɗauko waɗanda aka haɗe a watan jiya, ka tace da `draft:false` kana ganin ka tsarkake lissafinka, babu ko ɗaya da ka cire. Tarihin yana cikin jerin abubuwan da suka faru da PR ɗin, a can za ka same shi:

```
gh api repos/OWNER/REPO/issues/412/timeline --paginate \
  --jq '.[] | select(.event=="ready_for_review"
        or .event=="convert_to_draft" or .event=="reviewed")
        | [.event, (.created_at // .submitted_at)] | @tsv'
```

Dalilin `.submitted_at` shi ne bita ba ta zuwa da `created_at` a wannan jerin, lokacinta yana wancan filin. Idan kuma webhook kake amfani da shi, sunan komawa daftari a can `converted_to_draft` ne, ba `convert_to_draft` ba. Haruffa biyu ne bambancin, amma wanda ya kwafe suna ɗaya ya kai ɗaya wurin zai ga kamar babu wanda ya taɓa mayar da PR daftari a ƙungiyarsa.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, da alƙaluman da na tsara don lissafi. A ce PR mai lamba 412 an buɗe shi a matsayin daftari a rana ta 1 da ƙarfe 9 na safe. Marubuciyar ta ci gaba da turo gyare-gyare har rana ta 9 da ƙarfe 2 na rana, sannan ta danna `Ready for review`. Washegari, rana ta 10 da ƙarfe 10 na safe, mai bita ya duba ya nemi a sake tsarin wani sashe. Ganin gyaran babba ne, sai ta mayar da shi daftari da ƙarfe 4 na yammacin ranar, don kada wani ya ɓata lokacinsa a kan abin da za ta rushe. A rana ta 15 da ƙarfe 11 na safe ta sake miƙa shi. An amince a rana ta 16 da ƙarfe 9 na safe, aka haɗe da ƙarfe 12 na rana.

To, awa nawa aka jira bitar farko? Rahoton da ya ƙirga daga `created_at` zai ce awa 217, kwana tara da awa ɗaya, ya sa mai bita cikin jan layi. Mutumin kuwa ya amsa cikin awa 20 daga lokacin da aka miƙa masa. Wanda ya gano wannan kuskuren yakan gyara ta hanyar ɗaukar `ready_for_review`, amma a PR ɗinmu akwai guda biyu. Idan ya ɗauki na ƙarshe, bitar farko ta riga shi da awa 121, sai lissafi ya fito da lamba ƙasa da sifili. Wasu rahotanni suna jefar da irin wannan layin a ɓoye, wasu suna mayar da shi sifili, wasu kuma suna zuba shi cikin matsakaici ya ja shi ƙasa. Duk lokacin da ka ga lokacin jira ƙasa da sifili, ko sifili da yawa fiye da hankali, ka duba nan da farko.

Hanyar da ta dace ita ce a yanka rayuwar PR ɗin zango-zango. Daga buɗewa zuwa haɗewa awa 363 ne. A ciki, ya yi awa 197 a daftari na farko, da awa 115 a na biyu, jimilla 312. Ya yi awa 26 a buɗe ga bita karo na farko, da awa 25 karo na biyu, jimilla 51. Idan ka haɗa 312 da 51 za ka dawo 363, kuma wannan haɗin gwaji ne da ya kamata kod ɗin rahotonka ya riƙa yi wa kansa a kowane PR. Idan bai daidaita ba, wani abu ya faɗi a hanya. Masu bita sun sa an jira su sau biyu, awa 20 da awa 22. Wannan ne nasu. Awa 363 kuwa na ƙungiya ne, kuma shi ne abin da shugabanku yake so ya gani, domin wanda ke jiran wannan canjin ya kai gare shi bai damu da ko alamar toka ce ko kore ba. Ma'aunin DORA, masu binciken saurin isar da kod, na lokacin da canji ke ɗauka ma daga komit yake farawa har zuwa lokacin da kod ya fara aiki a hannun masu amfani, kuma daftari ba ya tsayar da shi ko da minti ɗaya.

Akwai wani ɗan tarko wajen gano yadda PR ya fara. Babu wani abu a jerin da ke cewa "an buɗe shi a daftari". Sai dai ka gane daga abin da ya fara zuwa. Idan `ready_for_review` ne farko, daftari ne tun haihuwarsa. Idan `convert_to_draft` ne farko, an buɗe shi a shirye, daga baya aka ja shi baya. Idan babu ko ɗaya, halin da filin `draft` ke nunawa yanzu shi ne halinsa tun farko, kuma ga wanda ba daftari ba agogon masu bita yana farawa daga `created_at`. Mutane sukan manta da wannan na ƙarshen, su rubuta lissafin da ke neman `ready_for_review` dole, sai duk PR da aka buɗe kai tsaye ya ɓace daga rahoto. A ƙungiyoyi da yawa su ne ma mafi rinjaye.

Yanzu ga damuwar shugabanku, wadda a ganina ita ce ta fi nauyi, domin kuskuren farko yana jawo ƙorafi ne kawai, kuma ƙorafi yana sa a gyara. Cire daftari gaba ɗaya kuwa ba ya sa kowa ya yi magana. Rahoto yakan yi tas, kowa ya ji daɗi, aiki yana ruɓewa a inda ba a kallo.

Alamar guda ɗaya ce, amma mutane suna sa ta don dalilai mabambanta. Wani yana tsakiyar aiki, ya buɗe ne don gwaje-gwaje su gudana a kan abin da yake turowa. Wata ta rubuta kashi ɗaya cikin biyar, tana so a gaya mata ko hanyar da ta ɗauka daidai ce kafin ta zuba kwanaki a ciki. Wani ya gama tsaf, amma reshensa yana zaune a kan wani PR da ba a haɗe ba, ko ana jiran a fitar da sabon sigar wani ɗakin kod, sai ya yi amfani da daftari a matsayin sakata. Sannan akwai wanda mai shi ya koma wani aiki, ko ya bar ƙungiyar, ba wanda ya tuna da shi. API bai bambanta su ba, duk `draft: true` ne. Rahoto ne zai bambanta, kuma yana iyawa da alamu kaɗan.

Babbar alamar ita ce yaushe ɗan Adam ya taɓa shi na ƙarshe. Kada ka yi amfani da `updated_at` wajen wannan. Filin yana motsawa idan an liƙa lakabi, idan bot ya ajiye sharhi, idan an sauya wanda aka ɗora wa aikin. Daftarin da ba wanda ya buɗe tun watanni zai iya nuna "jiya" saboda wani bot ya yi masa sharhin cewa ya tsufa. Ka ɗauki lokacin komit na ƙarshe da sharhin ƙarshe na mutum, ka zubar da duk abin da ya fito daga asusun da `type` ɗinsa `Bot` ne. Ko a nan akwai ramuka biyu. Wasu ƙungiyoyi suna gudanar da bot ɗinsu da asusun mutum na yau da kullum, sai ka rubuta sunayensu da hannu. Kuma `rebase` yana sabunta ranar `committer` ba tare da an rubuta sabon layi ko ɗaya ba, haka ma maɓallin `Update branch` yana ƙara komit. Wanda yake sabunta reshensa duk mako yana nuna bai manta da shi ba, wannan ma labari ne, amma ba ci gaba ba ne.

Shekarun daftari kaɗai ba su cewa komai. Na wata biyu da ake tura masa komit kullum yana raye, ko da yake girmansa abin tambaya ne. Na kwana ashirin da ba a taɓa ba tun ranar da aka buɗe shi, shi ne abin dubawa. Ni dai nakan sa iyaka biyu: shiru na kwana 14 ya fito a rahoto a matsayin tambaya ga mai shi, shiru na kwana 60 ya je wa shugaban ƙungiya don a yanke hukunci, a ci gaba, a miƙa wa wani, ko a rufe. Waɗannan lambobin zaɓi ne, ba doka ba. Ka duba tarihin rumbunku, ka ga daftarin da suka kai ga haɗewa mafi tsawon shirun da suka yi, ka sa iyakarka sama da shi kaɗan.

Kalmar da ka sa a kan wannan sashen tana da tasiri fiye da yadda ake zato. Idan ka rubuta "ya makara", ka yanke hukunci a kan alkawarin da ba wanda ya ɗauka. Ka rubuta abin da ka sani kawai: "daftari, shiru kwana 23, mai shi wane". Kuma saƙon ya tafi ga marubucin, ba ga zauren masu bita ba. Tunatarwar da GitHub ke aikawa Slack tana da zaɓin `Ignore drafts` saboda wannan dalilin. Idan ana buga wa mutane ƙararrawa a kan abin da ba za su iya yi masa komai ba, cikin makonni kaɗan za su daina karanta rahoton duka, har da layin da ya shafe su.

Daftari mai neman shawara shi ne banda. Ana iya zaɓar mai bita da hannu a kan daftari, kuma idan marubuciya ta yi haka, to ta miƙa wa wani takamaiman mutum tambaya, ko da alamar ba ta sauya ba. Za ka gane shi da `review_requested` a jerin abubuwan da suka faru, wanda ya zo a cikin zangon daftari kuma marubucin ne ya yi shi. Irin wannan ya cancanci ƙaramin sashe nasa, "ana jiran shawarar farko", domin jinkiri a nan ya fi tsada: mutum yana tsaye a mararraba, ko ya zauna yana jira, ko ya ci gaba a hanyar da wataƙila za a ce ya rushe. Amma ka yi hattara da PR irin na misalinmu, wanda aka nemi bita a kansa yana shirye sannan aka mayar da shi daftari. Sunan mai bita zai iya kasancewa a gefe, wannan ba sabuwar buƙata ba ce. Lokacin da aka yi buƙatar ne ke raba su, ba kasancewar sunan ba.

Wanda aka ajiye yana jiran wani abu kuwa, alamarsa mafi sauƙi ita ce `baseRefName` ɗinsa ba babban reshe ba ne, reshen wani PR ne. Idan haka ne, shirunsa ba laifinsa ba ne, kuma abin da rahoto ya kamata ya nuna shi ne PR ɗin da ke ƙasa, da adadin waɗanda ke zaune a kansa. PR ɗaya da ke jiran bita kwana uku alhali daftari huɗu suna jiransa ya fi gaggawa a kan wanda ya yi mako shi kaɗai. Sauran dalilan jira na'ura ba za ta gane su ba sai an gaya mata, don haka ku amince da lakabi ɗaya, kamar `blocked`, da sharaɗin a rubuta abin da ake jira a bayanin PR. Lakabin ma ya kasance yana da wa'adi, in ba haka ba zai zama sabon maɓoya.

Batun gwajin da ya faɗi ba ya buƙatar dogon bayani ta fuska ɗaya: ja a kan daftari ba labari ba ne. Mutum ya buɗe shi ne don ya ga abin da zai faɗi. Kada ya shiga adadin gwajin da ya faɗi na rahoto, kada ya tayar da ƙararrawa. Amma kore a kan daftari, ko a kan wanda bai daɗe da fita daga daftari ba, shi ne abin da nake so ka yi shakka a kansa. Ƙungiyoyi da yawa suna hana gwaji mai nauyi gudana a kan daftari don rage kashe kuɗi da lokaci, da sharaɗi irin wannan:

```
on:
  pull_request:
    types: [opened, synchronize, reopened, ready_for_review]
jobs:
  test:
    if: github.event.pull_request.draft == false
```

Abin lura yana layin `types`. Idan ba a rubuta shi ba, `pull_request` yana tashi ne a kan `opened`, `synchronize` da `reopened` kawai. Danna `Ready for review` ba ya cikinsu. Ga abin da ke faruwa: ana tura komit na ƙarshe PR yana daftari, sharaɗin ya sa aka tsallake gwajin, sai marubucin ya miƙa shi ga bita ba tare da sabon komit ba, babu abin da ya sake tashi. GitHub kuma yana ɗaukar aikin da sharaɗi ya sa aka tsallake a matsayin wanda bai hana haɗewa ba, ko da yana cikin gwaje-gwajen dole. Kod ya shiga babban reshe ba a gwada shi ba, allo kuma bai nuna ja ba. Rahoton da ke tambayar "akwai wanda ya faɗi?" ba zai taɓa kama wannan ba. Sai ya bambanta `success` da `skipped` a filin `conclusion`, ya fitar da duk PR da ba daftari ba wanda gwajinsa na dole yake `skipped` a kan komit na ƙarshe. Idan ka sami ko guda ɗaya, je ka duba `types` a fayil ɗin.

Idan kuna da bot mai rufe tsofaffin PR, ka duba saitinsa ma. `actions/stale` yana liƙa alamar tsufa bayan kwana 60, ya rufe bayan ƙarin kwana 7, idan ba a sauya ba, kuma ba ya ƙyale daftari sai an kunna `exempt-draft-pr`. Idan ba a kunna ba, daftarin da aka yasar suna ficewa daga jerin buɗaɗɗu da kansu, rahoto ya nuna adadi ya ragu kamar an yi aiki. Don haka ka ware layi ɗaya na daftarin da aka rufe ba a haɗe ba, tare da wanda ya rufe, mutum ko bot. Rufe daftari ba gazawa ba ce a kullum. Gwada hanya a gano ba ta ɓullewa aiki ne mai amfani, kuma bai kamata a zuba shi cikin adadin PR da masu bita suka ƙi ba.

Abu na ƙarshe da zan ja kunnenka a kai zai bayyana ne bayan ka gyara rahoton, ba kafin ba. Da zarar mutane sun fahimci agogo yana tsayawa a daftari, kuma ana yaba wa ko ana tuhumar ƙungiya da wannan lambar, halayya takan sauya ba tare da wani ya yi niyyar maguɗi ba. Sai a riƙa yin bita ta gaske PR yana daftari, a kira mutum a gefe ya duba, a gama komai, sannan a danna `Ready for review` mintuna kaɗan kafin haɗewa. Lokacin jira ya faɗo ƙasa warwas, kowa ya yi murna, alhali daga buɗewa zuwa haɗewa bai ragu da awa ɗaya ba. Ana gane wannan ta hanya biyu: yawan PR da bitarsu ta farko ta riga `ready_for_review` na farko yana hawa, kuma tazarar miƙawa da haɗewa tana komawa mintuna. Akwai illa ta biyu a ciki, tunda masu `CODEOWNERS` ba sa samun kira sai an miƙa, ga shi kuma ana haɗewa kafin su buɗe saƙon, sai dai idan dokar reshe ta wajabta amincewarsu. Maganin ba hana daftari ba ne. Ka riƙa buga lambobin biyu kafaɗa da kafaɗa, lokacin jiran bita da jimillar lokacin buɗewa, ta yadda ba za a iya kallon ɗaya ba tare da ɗayar ba. Kuma ka yi amfani da lambar da ke tsakiya idan an jera su daga ƙarami zuwa babba maimakon matsakaici, domin daftari ɗaya da ya yi shekara aka farfaɗo da shi zai iya karkatar da matsakaicin wata guda.

Idan wasu rumbunanku suna GitLab, kada ka ɗauka komai daidai yake. A can alamar tana manne da take: rubuta `Draft:` a farkonsa yana sa ta, goge shi yana cire ta, haka ma `/draft` da `/ready` a sharhi. Tura komit da saƙonsa ya fara da `fixup!` ma yana mayar da buƙatar haɗewar daftari, don haka wani komawa daftarin ba shawarar kowa ba ce, sakamakon yadda mutum ke tsara komit ɗinsa ne. A GitHub kuwa take ba ya sauya komai a na'ura: PR mai `WIP` a takensa wanda `draft` ɗinsa `false` ne ana iya haɗe shi, kuma an riga an kira masu bita. Irin waɗannan kada ka ɓoye su ta hanyar tace take. Ka nuna su a layi guda, "take ya ce bai shirya ba, alama ta ce ya shirya", ka bar masu su su zaɓi ɗaya. Haka za ka yi da na bot: Renovate yana da zaɓin `draftPR` da ke sa ya buɗe sabunta ɗakunan kod a daftari, kuma waɗannan ba su da marubucin da zai dawo ya danna maɓalli. Idan ba a ɗora wa wani mutum ko wata ƙungiya duba su ba, rahoton ya kai su ga mai kula da rumbun kai tsaye, musamman idan sabuntawar ta toshe wata ɓaraka ta tsaro ce.